Matakan Koyar da Insha'i a Aji Huɗu Zuwa Shida: Yadda Ake Yi a Aikace

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da 'yan aji biyar, yara 72 ne a ajina. A wajen wani taron bita an ce mu riƙa koyar da insha'i mataki-mataki, daga tsarawa har zuwa fitarwa. Na rubuta matakan a allo, yaran sun haddace tsaf, amma rubutunsu yana nan yadda yake. In na ce su gyara, sai su sake kwafe abin da suka rubuta da kyakkyawan hannu kawai. Yaya ake yin abin a aikace, ga darasi na minti 35?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Yaranki suna yin abin da aka saba musu da shi ne. Tun daga aji ɗaya, duk lokacin da aka ce wa yaro ya yi gyara, abin da ake nufi shi ne ya duba inda jan biro ya taɓa, ya sake rubuta shi daidai a ƙasa. To yau kuma an ce ya gyara, babu jan biro, ina zai dosa? Sai ya gyara abu ɗaya tilo da idonsa ke iya gani, wato kyan hannu. Yawanci wurare biyu ne ake samun tangarɗa a wannan hanya ta koyarwa. Na farko, yaro bai san wa zai karanta abin da ya rubuta ba, in ban da malama mai neman kuskure. Na biyu, an haɗa masa gyara iri biyu wuri guda, gyaran ma'ana da gyaran ƙa'idojin rubutu, alhali aiki ne daban-daban da ya kamata a yi a ranaku daban-daban. In kika warware waɗannan biyun, sauran matakan ba su da wuyar sha'ani.

Yana da kyau ki san asalin abin, don kada ki ɗauki matakan kamar farillan alwala da ba a saɓa jerinsu. A ƙarshen shekarun 1970 wani malamin jami'a a jihar New Hampshire ta Amurka, Donald Graves, da abokan aikinsa suka zauna a azuzuwan wata firamare suna lura da yara a daidai lokacin da suke rubutu, ya kuma fitar da littafi a kan haka a 1983. Abin da suka gani shi ne, yaro kan inganta rubutunsa in shi ya zaɓi abin da zai rubuta, aka ba shi lokaci, aka kuma samu wanda ya saurare shi yana cikin aikin. Matakai biyar ɗin da ake rubutawa a allo, tsarawa, zubin farko, bita, tacewa da fitarwa, taƙaitawa ce da malamai suka yi don sauƙin koyarwa. Marubuci na gaske yana kai da komo a tsakaninsu: yana cikin zubin farko sai ya ga tsarinsa bai yi ba ya koma ya sake. Kuma azuzuwan da aka yi wancan binciken ba su kai rabin naki yawa ba, don haka dole ki yi wa hanyar kwaskwarima, ki bar yara su ɗauki wani nauyin da a can malami ke ɗauka.

Bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. Ina ba ki shawarar ki fara da insha'in bayani, irin na yadda ake yin wani abu, ki ajiye insha'in labari zuwa zagaye na biyu. Dalili kuwa, a rubutun bayani giɓi ba ya ɓuya. In yaro ya tsallake mataki, mai karatu zai tsaya cik ya kasa ci gaba, kuma yaro ɗan shekara goma yana iya ganin haka da kansa ba sai kin nuna masa ba. A labari kuwa gane abin da ya rage yana buƙatar kunnen da bai riga ya samu ba.

Ranar farko, kafin a buɗe littafi, ki sanar da su ƙarshen tafiyar. Ki ce nan da mako uku ajin nan zai fitar da littafi mai suna Abin da Muka Iya, kowa zai samu shafinsa da sunansa, kuma 'yan aji uku za a kai wa su karanta, su gwada yin abin da aka bayyana. Fitarwa ita ce mataki na ƙarshe a jeri, amma ita ake fara yankewa, domin duk tambayar da za ta taso daga baya amsarta tana wurin mai karatu. Yaro ya tambaye ki ko ya bayyana mene ne tunkuza, sai ki mayar masa: ɗan aji uku ya sani? Da wannan kaɗai kin sauke rabin nauyin da ke kanki.

Daga nan sai tsarawa, kuma mafi yawanta da baki ake yi. Kowane yaro ya rubuta abubuwa uku da hannunsa ya taɓa yi: dama kunu, faci na tayar keke, ɗaura ɗankwali, wasan langa, kiwon tantabara, haɗa motar langa-langa. Sharaɗin shi ne ya taɓa yi ko ya taya an yi, don wanda ya zaɓi yadda ake tuƙa jirgin sama zai rubuta layi biyu ya ƙafe. Sai ya juya ga na kusa da shi a benci ya bayyana masa ɗaya daga ciki cikin minti biyu, sannan su yi musanya. Ajin zai cika da hayaniya, ki sanar da shugaban makaranta tun da wuri don kada ya zaci kin fita. Wanda maganarsa ta ƙare kafin minti ɗaya, batun bai ishe shi ba, ya koma kan na biyu. Bayan maganar sai a sauke ta a takarda a taƙaice: shafi a raba biyu, hagu kayan da ake buƙata, dama matakai, kowane mataki kalma biyu ko uku. Ki hana cikakkiyar jimla a nan. Yaron da ya tsara da cikakkun jimloli ya riga ya yi zubin farko ne ba da saninsa ba, gobe kwafewa kawai zai yi.

A ce wata yarinya ta zaɓi ƙuli-ƙuli, sana'ar gidansu. A hagu ta rubuta gyaɗa, gishiri, kasko. A dama ta rubuta soya, inji, matse mai, soya. Tsarin nan yana da giɓi, kina gani, amma kada ki cike mata. Za ta gano shi a gaba, kuma ganowar ita ce darasin.

Darasi na biyu na zubin farko ne. Minti takwas na farko ki yi naki a allo suna kallo, a kan wani batu daban, misali yadda ake jiƙa zoɓo. Ki yi tunaninki da ƙarfi, ki rubuta jimla, ki ce kai wannan ba ta yi ba, ki ja mata layi, ki ci gaba. Yawancin yaranmu ba su taɓa ganin babba yana rubutu yana sokewa ba. Abin da suke gani kullum shi ne gamammen rubutu a allo ko a littafi, sai su ɗauka masu iyawa haka yake zubo musu a tsaftace. Sannan ki ba su dokoki uku na ranar. Su riƙa tsallake layi ɗaya bayan kowane layi, don gobe a samu wurin cusa ƙari. Ba a amfani da magogi, abin da ba a so a ja masa layi guda yadda zai karantu. Kalmar da ba a tabbatar da rubutunta ba a rubuta yadda aka ji ta, a zagaye ta, a wuce. Wannan ta ukun ita za ta hana hannaye ashirin tashi suna tambayarki yadda ake rubuta kalma, ita ce kuma ke ba yaro ƙarfin halin amfani da kalmar da yake nufi a maimakon mai sauƙin da ya iya rubutawa. Minti ashirin na rubutu cikin shiru sun isa. Ga irin abin da yarinyarmu za ta kawo:

"Da farko za a samo gyada a soya. Sai a kai inji. Sai a matse mai. Sai a soya. Kuli kuli ya na da dadi sosai. Maman mu ta na sayar wa a kofar gida."

Na san hannunki zai yi ƙaiƙayi. Ga gyaɗa ba lanƙwasa, ga yana an raba, ga ƙofa ta zama kofa. Ki danne. In kika sa jan biro a waɗannan yau, yarinyar za ta gyara su, ta miƙo miki rubutu marar kuskure wanda babu mai iya yin ƙuli-ƙuli da shi. Ba a yi wa gini yaɓe alhali ana shirin fasa bango a ƙara ɗaki. Jimlolin da za ki ɓata lokaci kina gogewa, wasunsu gobe za a zubar da su.

Yanzu mun zo bita, inda ya kamata ki fi daɗewa. Ki ba ta darasi biyu cur. Tambayarta ɗaya ce: mai karatu ya fahimta? Kuma tunda yara ba su san yadda ake yi ba, sai an nuna musu a kan rubutu na gaske. Ki nemi izinin yaro ɗaya ki kwafe zubinsa a allo, kina gyara kurakuran ƙa'ida a ɓoye yayin kwafewar don kada hankalin ajin ya tafi can. Ki zaɓi matsakaicin rubutu na yaro mai sakin jiki. Na gwanin aji ba shi da giɓin da za a koya da shi, na mai rauni kuwa tozarci ne. Sai ki ce wa ajin: mu yanzu 'yan aji uku ne, ba mu taɓa ganin ana ƙuli-ƙuli ba, za mu bi abin da ke allo da hannunmu. Ki karanta jimla ta farko, su kwaikwayi suya. Ta biyu, su kwaikwayi ɗaukar roba zuwa inji. Kafin ki kai ta uku wani zai ɗaga hannu ya ce Malama da ɓawon za a niƙa? Wata ta ce ta yaya ake matse man, da hannu? Wani ya ce me za a soya kuma, ba an riga an soya ba? Ki rubuta tambayoyin a gefen allo, ki bar mai rubutun ta amsa da baki. Za ki ji bayani yana kwarara, domin ta san komai, ba ta dai san cewa sai ta rubuta ba. Duk amsar da ta bayar ki ce mata: wannan da kika faɗa, ina zai shiga? Ta zo ta nuna wurin da yatsa, ki sa 'yar alamar kibiya, ki rubuta ƙarin a layin da aka tsallake.

A nan ne za ki koya musu cewa abubuwa huɗu ake yi wa rubutu a bita: a ƙara, a cire, a sauya wuri, a musanya kalma da wadda ta fi ta. Ƙari shi ne mafi sauƙi, kuma a aji huɗu in shi kaɗai suka iya a zangon farko ba laifi. Cirewa ta fi ciwo. Jimlar nan ta cewa mamansu tana sayarwa a ƙofar gida gaskiya ce, yarinyar kuma tana sonta, amma ba ta taimaki mai son koyon yi ba. Kada ki yanke mata hukunci. Ki tambaye ta ko jimlar tana koya wa ɗan aji uku wani mataki. Sau da yawa yaro da kansa zai ce a mayar da ita farko ta zama gabatarwa, wanda ya fi cirewar ma kyau, kuma ga shi ya koyi sauya wuri ba tare da kin ambata ba. Musanya kuwa ki fara da kalmar sai, wadda ke buɗe kusan kowace jimla ta yaranmu. Su ƙirga sai nawa ne a shafinsu, su bar biyu, sauran su nemi bayan haka, da zarar, idan ya huce, daga nan.

Darasi na biyu na bita kowa ya yi da abokinsa. In kika ce kawai su duba wa juna, abu biyu ne zai faru: ko a ce ya yi kyau, ko a fara farautar kuskuren harafi ana dariya. Don haka ki ɗaure aikin. Mai rubutu ne zai karanta da bakinsa, littafin yana hannunsa, abokin ba ya ganin shafin balle ya ga kuskure. Abokin ya maimaita abin da ya ji da nasa kalmomin, ya faɗi wuri ɗaya da ya fahimta sarai, ya yi tambaya biyu. Mai rubutu ya rubuta tambayoyin a ƙasan shafinsa, ya amsa su a cikin rubutun. Ki haɗa waɗanda batunsu ya bambanta: mai ƙuli-ƙuli da mai facin taya. Wanda ya san abin zai cike giɓin da kansa a zuci, ba zai ji akwai abin da ya ɓace ba. Bayan wannan, rubutun yarinyar zai iya komawa haka, in an kawar da kai daga kurakuran ƙa'ida da har yanzu suke ciki:

"Mamanmu tana yin ƙuli-ƙuli, ni nake taya ta. Da farko a soya gyaɗa a kasko ana juyawa har ɓawonta ya fara saki. Idan ta huce a murza ta, a sheƙe ɓawon a faifai. Daga nan a kai inji a niƙa ta yi laushi. A juye a turmi, a riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya taso. Kada a zuba ruwan da yawa lokaci guda, zai caɓe. A kwashe man a ajiye. Abin da ya rage shi ake kira tunkuza. A sa mata gishiri, a mulmula ƙanana, a soya a cikin man da aka kwashe har su yi ja su yi tauri."

Ki lura babu kalma ɗaya a nan da malama ta ba ta. Gargaɗin nan na ruwa, wanda shi ne mafi daraja a rubutun, daga tambayar abokin benci ya fito.

Kina iya tambaya, ke kuma me kike yi a waɗannan darussa? Zagayawa, da ganawa ta minti biyu. Ki durƙusa kusa da yaro ki ce karanta min inda kake, ki yi masa tambaya ɗaya a kan ma'ana, ki tashi. Ɗaya tak, don in kika ba shi biyar ba zai yi ko ɗaya ba. A darasi guda za ki iya ganin yara shida zuwa takwas. Cikin darussa huɗu na zubi da bita da tacewa kin ga kusan talatin, wato ƙasa da rabin ajin. Ba komai. Ki riƙe jerin sunaye kina sa alama, a aiki na gaba ki fara da waɗanda ba ki gani ba. Kada ki kwashi littattafai 72 zuwa gida a wannan matakin. Dogon sharhin da za ki kwana kina rubutawa, yaro ɗan aji biyar maki kawai zai duba ya rufe.

Sai tacewa, darasi na biyar. Yanzu ne lokacin ƙa'idojin rubutu, kuma yanzu yaro yana da dalilin kula da su, tunda shafinsa zai fita. Kuskuren da malamai ke yi shi ne neman a gyara komai. Ki zaɓi abubuwa uku ko huɗu da kika riga kika koyar, ki rubuta su a allo, a duba su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da karatunsa daban daga farkon shafi zuwa ƙarshe. A rubutun Hausa na wannan mataki, ukun da suka fi yawa sanannu ne. Akwai baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da kuma 'y, waɗanda rashinsu ke juya ma'ana: baki da baƙi, fada da faɗa, kasa da ƙasa. Akwai rabawa da haɗa kalmomi: yana da tana da suna a haɗe suke, haka mamanmu da gidansa da sayarwa, amma ya ba ni da na gan shi a rabe. Sai babban baƙi a farkon jimla da aya a ƙarshenta. Don gano inda aya ta ɓace, yaro ya karanta a hankali da murya, inda numfashinsa ya sauka ya duba ko akwai alama. Kalmomin da aka zagaye ranar zubin farko kuma yau ake neman rubutunsu, a littafin karatu, ko wurin aboki, ko a jerin da kike tarawa a gefen allo.

Idan sun gama nasu, sun yi musanya da aboki, sannan littafin ya zo hannunki. Ko a nan kada ki rubuta musu daidai ɗin. Ki sa ɗigo a gefen layin da ke da kuskure, ɗigo biyu in biyu ne, yaro ya nemo da kansa. Duba irin wannan ba ya cin fiye da minti ɗaya a littafi. Kurakuran da ba sa cikin jerin ranar, irin su alamar zance ko waƙafi, ki rubuta su a littafinki ke kaɗai. Su ne darasin nahawunki na mako mai zuwa. In shafin zai fita waje kuma kina jin nauyin a ga kuskure, ki gyara ragowar da fensir a matsayinki na mai tace littafin, ki gaya musu haka ake yi wa manyan marubuta ma.

Darasi na shida shi ne kwafewa da kyakkyawan hannu, abin da suka daɗe suna so. Sau ɗaya kawai ake yinsa a duk tafiyar. Malamin da ke sa a sake kwafe rubutu bayan kowane mataki yana koya wa yara tsanar gyara ne, don sun gane duk ƙarin da suka yi ƙarin wahalar hannu ne. Kowa ya ciro falle biyu daga tsakiyar littafinsa, ya bar tazarar yatsa biyu a hagu saboda ɗinki, ya rubuta take da sunansa, ya yi zane in wuri ya rage. Shafi 72 ya yi wa littafi ɗaya kauri, kuma yaro ɗaya ne zai iya riƙe shi a lokaci guda. Ki kasa su shida, sha biyu-sha biyu, bisa batu: na abinci, na wasanni, na sana'a, na kiwo. Bango daga kwalin taliya ko na sabulu, ɗinki da allura da zaren buhu. Kowane rukuni ya rubuta shafin abubuwan da ke ciki da lambobin shafi. A darasi na bakwai a tafi aji uku, kowane ɗan aji biyar ya zauna da ƙaninsa ya karanta masa. Daga baya littattafan su zauna a akwatin aji ana ara.

Abu biyu nake so ki kiyaye a fitarwa. Kowa ya shiga, har mai layi huɗu. In gwanaye goma kaɗai ake liƙawa a bango, sauran sittin da biyu sun gane tun a zagaye na farko cewa alƙawarin mai karatu ba da su ake ba, kuma ba za su sake wahalar da kansu a bita ba. Na biyu, idan kuka koma kan labarin rayuwa, ki karanta kafin ya fita. Yaro yana iya rubuta rigimar gidansu ko rashin lafiyar mahaifiyarsa da zuciya ɗaya. Irin wannan a tambaye shi a keɓe, in ya cancanta ya tsaya tsakaninki da shi, ya zaɓi wani don littafin.

A kowane aji irin naki akwai waɗanda har yanzu jimla ɗaya tana ba su wuya, wataƙila ma ba kaɗan ba. Su ma su bi matakan, sai dai a rage musu nauyin alƙalami. Tsarinsu ya zama zane huɗu a jere, zubinsu jimla ɗaya a ƙarƙashin kowane zane, da mabuɗan da kika rubuta a allo: da farko, bayan haka, daga nan, a ƙarshe. Waɗanda ko wannan ya fi ƙarfinsu ki tara su a benci ɗaya, su faɗa ki rubuta, su kwafa, su karanta miki. Bitarsu da baki ce, kuma za ki yi mamakin yadda wasunsu suka fi gwanayen iya gano giɓi a rubutun wani. Idan kuma insha'in na Turanci ne, matakan ba sa canjawa, amma ki bar su su yi hirar tsarawa da tambayoyin bita da Hausa, ku tara kalmomin Turancin da batun ke buƙata a allo kafin zubin farko. Yaron da aka tilasta wa yin tunani da harshen da bai mallaka ba, abin da ya iya faɗa zai rubuta, ya bar abin da ya sani.

Wajen ba da maki, in kika ɗora shi duka a kan tsaftataccen shafin ƙarshe, kin rushe abin da kika gina. A cikin maki 20, ki ba tsari 3, cikar bayani da jerinsa 7, canjin da aka yi tsakanin zubin farko da na ƙarshe 5, ƙa'idojin da aka sa a allo 5. Wannan yana nufin zubin farko ba a yage shi, yana nan a littafi kina dubawa. Shi ne kuma ma'auninki na ko koyarwar tana ci. Ki ɗauki littattafai goma ba zaɓe, ki ƙirga canjin da ya taɓa ma'ana a kowanne, ban da gyaran harafi. A zagayen farko in kika samu ɗaya ko biyu a littafi, ana tafiya. In shafukan zubin farko fes suke, babu kibiya babu layin sokewa, ba a yi bita ba komai kyan abin da aka fitar, sai ki sake yin darasin allo da wani rubutun.

Darussa bakwai kenan, kusan mako uku in kina da insha'i sau biyu ko uku a mako. A zango ɗaya aiki biyu, in an yi ƙoƙari uku, su ne za su bi wannan doguwar hanya. Sauran rubuce-rubucen yau da kullum gajeru ne, a tsara a zuba a wuce, domin yara suna buƙatar yawan rubutu kamar yadda suke buƙatar gyara shi. Kafin jarrabawar ƙarshen zango kuma ki gwada su sau biyu a kan matsattsen salo, tunda a ɗakin jarrabawa babu aboki babu mako uku: a cikin minti 30, biyar na tsarawa a gefen takarda, goma sha takwas na rubutu, huɗu na karantawa a matsayin wanda bai san batun ba ana cusa abin da ya ɓace, uku na ƙarshe na duba lanƙwasa da aya. Ki riƙa faɗa musu lokaci da baki a gwajin farko, a na biyu ki rubuta lokutan a allo ki bar su da agogo.